Abin da Jadawalin Sa Ido ke Gani Kafin Kaya Su Lalace

A masana'antu da yawa, idan aka ambaci inganci, abin da ke fara zuwa zuciya shi ne mutumin da ke tsaye a ƙarshen layi da ma'auni a hannu, yana ware kaya masu kyau gefe ɗaya, masu aibi gefe ɗaya. Aikinsa yana da amfani, amma a lokacin da kaya suka iso hannunsa an riga an kashe ƙarfe da wuta da lokacin ma'aikaci, kuma duk iya ƙwarewarsa ba za ta mayar da abin da ya lalace ya zama mai kyau ba. Tafiyar da inganci, a matsayinsa na fanni, ya taso ne daga ƙoƙarin gano matsala tun tana cikin aikin, kafin ta bayyana a jikin kaya. Domin a ga yadda hakan ke faruwa a aikace, zan ɗauki misali guda ɗaya in bi shi har ƙarshe, kuma alƙaluman da ke cikinsa na tsara su ne domin bayani.

A ɗauka akwai injin da ke sassaƙa sandunan ƙarfe waɗanda za a zura cikin boris. Zanen injiniya ya ce kaurin kowace sanda ya zama milimita 20.00, an kuma yarda ya ragu har zuwa 19.90 ko ya ƙaru har zuwa 20.10. Sandar da ta wuce 20.10 ba za ta shiga ba, wadda ta gaza 19.90 kuma za ta yi lako-lako. Injin yana fitar da sanduna 100 a awa, wato 800 a aikin awa takwas.

Abu na farko da duk wanda ya taɓa riƙe ma'auni ya sani shi ne babu sanduna biyu da za su fito daidai wa daida. Wannan ta zo 20.01, ta bayanta 20.05, wata 19.99, alhali ba wanda ya taɓa injin. Ƙarfen da kansa ba taurinsa ɗaya ba daga wannan gefe zuwa wancan, injin yana ɗan girgiza, zafi yana hawa yana sauka, hannun mai awo ma ba ya matsa ma'auni da ƙarfi iri ɗaya kullum. Walter Shewhart, masanin kimiyyar lissafi da fiziks wanda ya yi aiki da kamfanin Western Electric sannan da ɗakunan bincike na Bell a Amurka, shi ne ya raba irin wannan bambanci gida biyu, kuma a wata gajeriyar takarda da ya rubuta ranar 16 ga Mayu, 1924 ya zana jadawalin farko na bambance su. Gida na farko shi ne bambancin yau da kullum, wanda ke fitowa daga tarin ƙananan sababai da ke cikin aikin a kowane lokaci, ba kuma za a iya nuna ɗaya daga cikinsu a ce shi ne mai laifi ba. Gida na biyu shi ne bambanci mai sababi na musamman, kamar bakin wuƙar injin ya dakushe, ko an kawo ƙarfe daga wani sabon tushe, ko wani ƙusa ya kwance. Maganin na farko daban yake da maganin na biyu, kuma mafi yawan asarar da ake yi a wannan fanni tana zuwa ne daga ba wa ɗaya maganin ɗayan.

Ga yadda ake gina jadawalin. Kowace awa ma'aikaci zai ɗauki sanduna biyar da suka fito a jere, ya auna su, ya rubuta abu biyu: matsakaicin awon biyar ɗin, da tazarar da ke tsakanin mafi kauri da mafi siranta. Idan ya sami 20.01, 20.05, 19.99, 20.03 da 20.02, matsakaici ya zama 20.02, tazara kuma 0.06. Dalilin ɗaukar biyar a jere, maimakon tsinto su daga wurare daban-daban a cikin kwando, shi ne ana so bambancin da ke cikin rukunin ya zama na yau da kullum kaɗai, domin duk wani sauyi na musamman ya fito fili tsakanin rukuni da rukuni. Ana ci gaba da haka har a tara rukuni 20 zuwa 25. A misalinmu, bayan rukuni 25, matsakaicin dukkan matsakaitan ya zo 20.02, matsakaicin tazara kuma 0.07. Daga nan sai a lissafa iyakoki da wasu lambobi tsayayyu da ke cikin teburan ƙididdiga, waɗanda ga rukuni mai guda biyar su ne 0.577 da 2.114 da 2.326:

```
UCL = 20.02 + 0.577 × 0.07 = 20.06
LCL = 20.02 − 0.577 × 0.07 = 19.98
UCL(R) = 2.114 × 0.07 = 0.148
σ = 0.07 / 2.326 = 0.030
```

Layin farko shi ne iyakar sama ta jadawalin matsakaici, na biyu iyakar ƙasa, na uku iyakar sama ta jadawalin tazara, na huɗu kuma sigma, wato ma'aunin yadda sanduna ɗai-ɗai ke warwatsuwa a kewayen matsakaici. Sai a ja layuka uku a takarda, na tsakiya a 20.02, na sama a 20.06, na ƙasa a 19.98, kuma daga ranar kowace awa a ɗiga ɗigo ɗaya.

A nan ne ya kamata mai karatu ya tsaya ya lura da kyau, domin ruɗanin da ya fi yawa a nan yake faruwa. Iyakokin 19.90 da 20.10 na zane ne, mai saye ne ko injiniya ya ajiye su, kuma suna magana ne a kan kowace sanda ita kaɗai. Iyakokin 19.98 da 20.06 kuwa ba wanda ya zaɓe su, injin ne ya faɗe su ta hanyar awon da aka yi masa, kuma suna magana ne a kan matsakaicin sanduna biyar. Sun fi na zane matsewa saboda matsakaicin abu biyar ba ya tsalle-tsalle kamar abu ɗaya, tunda mai kauri da siririya suna cike wa juna. Wanda ya zana iyakokin zane a kan jadawalin matsakaici ya kashe amfanin jadawalin gaba ɗaya, domin zai riƙa ganin ɗigo a 20.08 yana cewa ai muna ciki, alhali idan matsakaici ya kai nan, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na sandunan sun riga sun wuce 20.10.

An ajiye iyakokin ne a nisan sigma uku na matsakaici daga layin tsakiya, wato sigmar matsakaicin sanduna biyar, wadda ta fi ta sanda ɗaya ƙanƙanta. Idan awon yana bin rarrabuwar da aka saba gani mai siffar ƙararrawa, kuma babu abin da ya sauya a aikin, kusan kashi 99.73 cikin ɗari na ɗigogin za su faɗa ciki, wato sau ɗaya cikin kusan 370 ne ɗigo zai fita haka kawai ba dalili. Da an matso da iyakokin kusa, da ma'aikata sun riƙa tsayar da inji suna neman laifin da babu shi, da kuma an nesanta su, da laifi na gaske ya daɗe bai bayyana ba. Shewhart ya zaɓi uku ne a matsayin tsaka-tsaki tsakanin asarar nan biyu, kuma shekaru ɗari na aiki da shi sun nuna zaɓin yana da ma'ana.

Yanzu a ɗauka mako guda ya wuce lafiya, sai wata rana ɗigogi takwas suka zo haka a jere: 20.03, 20.03, 20.04, 20.03, 20.04, 20.05, 20.04, 20.05. Babu ɗaya da ya kai 20.06. Amma dukkansu suna sama da layin tsakiya, kuma idan aiki yana nan yadda yake, damar ɗigo ya faɗa sama ko ƙasa ɗaya ce, kamar jefa kwabo. Takwas a jere su faɗa sama duka abu ne da ke faruwa sau ɗaya cikin 256. Saboda haka ƙa'idojin da kamfanin Western Electric ya fitar a 1956 suka ƙidaya wannan a cikin alamomin sauyi, tare da ɗigo ɗaya a wajen iyaka, da ɗigo biyu cikin uku a jere da suka wuce sigma biyu a gefe ɗaya, da huɗu cikin biyar da suka wuce sigma ɗaya. Mai injin da ya san aikinsa, da ya ga kauri yana ta hawa sannu a hankali alhali jadawalin tazara bai motsa ba, bakin wuƙa zai fara dubawa, domin wuƙar da ta ci ba ta ƙara kai wa zurfin da take kai wa, sai sandar ta fito da ɗan ƙarin kauri. Da tazarar ce ta buɗe, matsakaici kuma ya tsaya, da wani wuri zai duba: abin da ke riƙe ƙarfen ya saki, ko girgiza ta ƙaru, ko an gauraya ƙarfe iri biyu. Wannan ne ya sa ake karanta jadawalan biyu tare, kuma ana fara duba na tazara, tunda iyakokin na matsakaici a kansa aka gina su.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wannan misali shi ne abin da mai duba kaya zai gani a wannan ranar da a ce babu jadawali. Idan matsakaici ya kai 20.05, nisan da ya rage zuwa 20.10 bai kai sigma biyu na sanduna ɗai-ɗai ba, kuma kusan sanduna 5 cikin 100 suna wuce iyaka. Amma idan ya ɗauki biyar ya gwada su da zoben gwaji wanda ke cewa ta shiga ko ba ta shiga ba kawai, kusan sau huɗu cikin biyar dukkansu za su shiga, ya sa hannu ya wuce da zuciya ɗaya. Bai yi sakaci ba, hanyar ce ba ta iya ganin abin da ke faruwa. Sandunan nan biyar ɗin dai, da an auna su an rubuta lambobinsu a jere da na awannin baya, da sun ba da labarin tun da wuri.

Akwai kuma kuskure na ɗaya gefen, wanda ma'aikaci mai himma ya fi faɗawa ciki fiye da malalaci. Ya auna sanda ya ga 20.04, sai ya juya saitin injin baya da 0.04, ta gaba ta fito 19.97, sai ya tura gaba da 0.03, haka yake yini yana bin kowace sanda da gyara. W. Edwards Deming, wanda ya koyar da injiniyoyi da shugabannin kamfanonin Japan waɗannan dabaru daga 1950, ya riƙa nuna wannan da gwajin mazurari da ƙwallon gilashi, inda ake sakin ƙwallon ta cikin mazurarin ana so ya faɗa a kan wata alama, ana kuma matsar da mazurarin bayan kowace saki domin gyara kaucewar. Lissafin ya nuna cewa idan aiki yana tafiya a hali ɗaya, gyara saiti bayan kowane awo da daidai girman kaucewar yana ƙara warwatsuwa da kusan kashi 41 cikin ɗari, domin kowace sanda tana ɗauke da nata bambancin tare da na wadda ta gabace ta a juye. A injinmu sigma zai tashi daga 0.030 zuwa 0.042. Injin da aka saita a 20.00 aka bar shi zai ɓata ƙasa da sanda ɗaya cikin 1,000, amma a hannun mai yawan taɓawa zai ɓata kusan 18. Ban ga laifin ma'aikacin a nan ba, domin ba wanda ya ba shi hanyar sanin lokacin da ya dace ya taɓa injin da lokacin da ya dace ya janye hannunsa, kuma jadawalin amsar wannan tambaya yake bayarwa.

Sai dai zaman ɗigogi cikin iyaka ba ya nufin kaya suna da kyau. Yana nufin aikin ya tsaya a hali ɗaya, ana iya hasashen abin da zai fitar gobe. Ko abin da yake fitarwa ya ishi mai saye, wannan wata tambaya ce daban, kuma ana amsa ta da gwada faɗin da zane ya bayar da faɗin da injin ke ci:

```
Cp  = (20.10 − 19.90) / (6 × 0.030) = 1.11
Cpk = (20.10 − 20.02) / (3 × 0.030) = 0.89
```

Lamba ta farko ta ce injin zai iya zama cikin iyakokin zane, amma da ƙyar. Ta biyu, wadda ke la'akari da inda matsakaici ya tsaya, ta gaza 1, ma'ana ko a ranar da komai ke tafiya daidai kusan sanduna 4 cikin 1,000 suna wuce 20.10. Masu saye da yawa suna neman 1.33 ko fiye. Mayar da saiti zuwa 20.00 zai ɗaga lamba ta biyu ta kai 1.11, amma daga nan zuwa 1.33 ba tsawa ko gargaɗi da zai kai injin, sai an rage bambancin yau da kullum da kansa, ta hanyar gyara injin ko sauya irin wuƙa ko samun ƙarfe mai hali ɗaya, kuma waɗannan duk shawarwari ne na masu gudanarwa. Ya kamata a faɗi cewa mai injin da ya karkata zuwa 20.02 yana da hujjarsa, tunda sandar da ta yi kauri ana iya sake sassaƙa ta, wadda ta sirance kuwa sai juji.

Daga wannan misali bambancin da ke tsakanin tantance inganci da tabbatar da inganci, waɗanda ake gani a takardun masana'antu da haruffan QC da QA, yana fitowa ba tare da wahala ba. Auna sanduna biyar, ɗiga ɗigo, tsayar da inji, ware abin da aka yi tun daga ɗigo na ƙarshe mai kyau a sake auna shi ɗaya bayan ɗaya, duk wannan tantancewa ce, kuma idonta yana kan kaya da aikin da ke gudana. Tabbatarwa kuwa idonta yana kan tsarin da ya sa za a iya amincewa da waccan tantancewar. Ita ce ke tambayar yaushe aka gwada ma'aunin da ma'auni na asali, ko ma'aikata biyu za su sami lamba ɗaya idan suka auna sanda ɗaya, ko an rubuta abin da za a yi idan alama ta bayyana da wanda ke da ikon tsayar da layi, ko an binciki mai kawo ƙarfe kafin a fara saye a wurinsa. Mai tantancewa zai sauya wuƙar da ta dakushe a ranar. Mai tabbatarwa zai koma takardun watanni ya ga bayan sanduna nawa wuƙar ke fara ci, ya sa a riƙa sauya ta kafin a kai wannan adadi, sannan ya dawo bayan wani lokaci ya duba ko ana yin hakan. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta tsarin inganci mai suna ISO 9001, wadda aka fara fitarwa a 1987, mafi yawanta a kan irin wannan tsari take magana, shi ya sa takardar shaidarta take nuna kamfani yana da tsari, ba ta rantse wa kowace sanda ba. Batun ma'auni kuwa ya fi yadda ake zato nauyi, domin ma'aunin da ya kauce da 0.03 zai ba da jadawali mai kyan gani, ɗigogi duk a ciki, alhali kowace lamba a kansa ƙarya ce, kuma jadawalin ba shi da hanyar gane hakan da kansa.

Saura maganar kuɗi. Masanin inganci Joseph Juran ya jawo hankali kan tsadar rashin inganci tun 1951, takwaransa Armand Feigenbaum kuma a 1956 ya tsara ta zuwa rigakafi da awo da lalacewa, ita lalacewar ana raba ta zuwa wadda aka gano a cikin gida da wadda ta kai hannun mai saye. A injinmu, rigakafi shi ne horar da ma'aikaci da sauya wuƙa a kan kari. Awo shi ne minti biyar na kowace awa, wato minti 40 a yini, tare da kula da ma'aunin. Idan aka bar matsakaici ya zauna a 20.05 yini guda, sanduna kusan 40 ne za su wuce iyaka. A ce gyaran kowace yana cin minti shida, an yi asarar awa huɗu, ban da lokacin da za a ɓata wajen auna 800 ɗin duka domin a tsamo su. Idan kuma suka kuɓuce suka kai wurin haɗa inji, inda sai an kwance abin da aka ɗaura kafin a cire sandar, a ce awa ɗaya kowace, an kai awa 40, aikin mutum ɗaya na mako guda. Idan sai a hannun mai saye aka gano, ga jigilar mayar da kaya, ga diyya, ga odar da ba za ta ƙara zuwa ba, wadda babu littafin akanta da ke rubuta ta.

Matsalar wannan lissafi a aikace ita ce kashi biyun farko suna bayyane a kasafin kuɗi, kowa yana ganin albashin mai awo da kuɗin horo, kashi biyun ƙarshe kuwa sun watse a cikin ƙarin lokacin aiki da ƙarfen da aka zubar da jinkirin kai kaya. Saboda haka idan aka zo rage kashe kuɗi, minti 40 ɗin nan ake fara yankewa. Wani kuskuren shi ne a ƙara masu duba kaya da zarar koke ya yi yawa, wanda ke mayar da asara daga waje zuwa cikin gida, kuma wannan ci gaba ne, amma adadin sandunan da ke lalacewa bai ragu ko da ɗaya ba.

Jadawalin ma yana da inda ƙarfinsa ya tsaya. Idan an lissafa iyakokinsa daga lokacin da aikin ke cikin rikici, za su yi faɗi har su haɗiye alamun da ake nema, don haka ana cire ɗigon da aka gano sababinsa na musamman a sake lissafi, amma ba a cire ɗigo don kawai ya ɓata hoto. Idan aka haɗa sandunan injuna biyu a rukuni ɗaya, tazara za ta kumbura, iyakoki su buɗe, ɗigogi su manne a layin tsakiya har a ɗauka aiki ya yi kyau matuƙa. Idan kuma aka riƙa sake lissafa iyakokin kowane wata ba tare da an sauya komai a aikin da gangan ba, za su riƙa bin lalacewar a baya sannu a hankali, har layin tsakiya ya koma 20.05 ba wanda ya ankara. Lokacin sake lissafi shi ne bayan sauyi na gaske, kamar ranar da aka mayar da saitin zuwa 20.00 ko aka kawo sabuwar irin wuƙa, kuma a nan ma sai an sake tara rukuni 20 zuwa 25 kafin a ja sababbin layuka.